Yarinya mai farfaɗiya, uwa na son magani uba ya ce a'a: izinin wa za a bi?

Yarinya ce 'yar shekara 13, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Iyayenta sun rabu tun tana firamare, tana zaune wajen uwarta a gidan kakanni, hutu kuma tana zuwa gidan uban. Na sauya wasu bayanai yadda ba wanda zai gane su waye, amma yadda lamarin ya tafi haka yake.

An turo ta ne daga wani ƙaramin asibiti saboda ta faɗi sau uku cikin wata biyu, faɗuwa irin ta sandarewa da karkarwa, ɗaya har da cizon harshe da sakin fitsari. A can an ɗora ta a kan wani maganin farfaɗiya mai suna kabamazafin. Ta yi kamar sati shida tana sha, sai aka yi hutu ta tafi gidan uban, shi kuma ya ga ƙwayoyin a jakarta, ya tambaya, ya ji ba wanda ya taɓa gaya masa komai, ya kwashe su ya ce ba za ta ƙara sha ba, ya kai ta wajen malami ana yi mata ruƙiya. Kwana kaɗan bayan haka ta sake faɗuwa, wannan karon ta daɗe. Uwar ta je ta ɗauko ta ana ta rigima, ta kawo mana ita da takardar turowa a hannu, kuma tun kafin ta zauna ta ce abu biyu take so: a mayar da yarinya kan magani yau ɗin nan, sannan a rubuta mata takarda cewa uban ne ya jawo, don akwai maganar riƙo a gaban alƙali.

Kafin mu gama buɗe fayil uban ya bugo wayar nas ɗin da ke kan kati, wani ɗan'uwa ya ba shi lamba. Abin da ya ce shi ne bai yarda a taɓa masa 'ya ba, kuma duk wanda ya ba ta wata ƙwaya su haɗu a kotu.

To a nan ne aikin ya rabu. Da a ce uwar ce kawai ta zo, ba mu san da wata ja-in-ja ba, abin da ake yi kullum shi ne a karɓi izinin wanda ya kawo yaro a ci gaba, ba wanda ke cewa sai an je an nemo uba kafin a duba zazzaɓi. Amma yanzu mun sani. An gaya mana ƙarara ɗaya daga cikin iyayen bai yarda ba, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Tambayar farko da na yi wa kaina ita ce gaggawa ce ko ba gaggawa ba ce. Da tana cikin faɗuwa a gabanmu ta haura minti biyar, ko tana faɗuwa a jere ba ta farfaɗowa a tsakani, ba za a tsaya neman sa hannun kowa ba, allurar dayazifam mai tsayar da faɗuwa za a yi mata, daga baya a yi bayani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ma a sashe na 20 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa kan kowane dalili. Amma ita tana zaune ne a kan benci lafiya ƙalau tana wasa da bakin hijabinta. Akwai haɗari, tunda tana iya sake faɗuwa kowane lokaci, sai dai haɗari ne da zai jure kwana biyu ko uku idan an koya wa gida abin da za su yi.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne izinin bincike daban, izinin magani daban. Uwar ta haɗe su wuri ɗaya, uban ma ya haɗe su, shi ya sa yake cewa kar a taɓa ta gaba ɗaya. Alhali abin da suke faɗa a kai ƙwaya ce. Jin tarihin ciwo, duba jiki, gwajin jini, gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, duk waɗannan ba su tilasta wa kowa shan komai ba. Don haka na ce wa uwar, Hajiya yau zan duba ta da izininki tunda ke kika kawo ta kuma a hannunki take, amma ba zan rubuta sabon magani yau ba sai na yi magana da babanta. Ranta bai so ba ko kaɗan. Ta ce, "Likita, ni nake kwana da ita fa, ni nake ɗauke ta daga ƙasa, shi me ya sani?" Kuma gaskiyarta ce ta wannan fuskar.

Sai dai kwana da yaro bai cire ɗaya mahaifin daga lissafi ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na arewa ke bi, reno na uwa ne, 'ya mace tana hannunta har ta yi aure ta tare, sai in wani dalili ya kawar da haƙƙin, amma waliccin da ciyarwa suna wuyan uba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma, da dokokin jihohi da suka biyo sahunta, a sashenta na farko ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk wani hukunci da ya shafe shi. Na tambayi uwar ko akwai wata takardar kotu da ta ce ita kaɗai ke da ikon yanke shawara kan lafiyar yarinyar, ko wadda ta hana uban kusantarta. Babu. Shari'ar ma ba a yanke ba. Wannan tambayar dole a yi ta, kuma a nemi ganin takardar da ido, don sau da yawa "kotu ta ba ni ita" yana nufin an yi sulhu ne a gaban mai unguwa.

Maganar takardar da take so kuwa na rufe ta tun a ranar. Na ce mata ni mai duba yarinya ne, ba mai auna wanda ya fi cancanta da riƙo ba, in kotu na son rahoto za ta rubuto, kuma abin da zan rubuta shi ne abin da na gani a jikin yarinya, kowane ɓangare zai iya karantawa. Wannan ba don gudun wahala ba ne kawai. In uban ya ji ƙishin-ƙishin cewa asibiti na haɗa wa tsohuwar matarsa hujja, shike nan, ba zai ƙara yarda da kalma ɗaya daga bakinmu ba, kuma yarinyar ce za ta koma gidansa hutu mai zuwa da ƙwaya a jaka.

Yanzu ita yarinyar. A doka ba ita ke sa hannu ba, shekararta 13. A Ingila tun shari'ar Gillick ta 1985 an yarda yaro ɗan ƙasa da 16 zai iya ba da izini da kansa in ya fahimci abin sosai, amma wannan hukuncinsu ne, ni ban ɗora aikina a kansa ba, kuma ko a can ba za ka so ka ɗora wa 'yar shekara 13 nauyin raba gardama tsakanin uwa da uba ba. Abin da muke nema a wajenta yarda ce, wato ta san me ke damunta daidai hankalinta, ta san me za a yi mata, mu tabbatar ta gane, sannan a ji ko ta amince. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta jera waɗannan tun 1995, ta kuma ƙara wani abu da nake ganin ya fi sauran nauyi: kar ka tambayi yaro ra'ayinsa a kan abin da ka san ko ya ƙi sai ka yi. In dole ne, gaya masa dole ne da dalili. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ita ma a sashe na 12 cewa ta yi a saurari yaro a ba maganarsa nauyi gwargwadon shekaru da hankalinsa.

A gaban uwarta duk abin da na tambaya sai ta kalli uwar tukuna sannan ta ce e. Kina so a duba ki? E. Kina son shan maganin? E. Irin wannan e ɗin ba komai ba ce, yaran gidajenmu an tarbiyyantar da su kar su yi musu da babba, balle likita, balle ga uwa a zaune. Yadda ake gane yardar bogi kenan: tana zuwa da sauri, ba tambaya ko ɗaya a bayanta, kuma in ka ce yaro ya maimaita maka abin da za a yi da bakinsa sai ya yi shiru. Na nemi uwar ta ɗan ba mu wuri, nas mace ta zauna da mu, ƙofa a buɗe kaɗan.

Kafin ta ce komai na gaya mata iyakar sirrin. Na ce, 'yata abin da kika gaya min ba zan kai wa Umma ko Abba ba sai da saninki, sai fa in abu ne da zai cutar da ke, shi kam dole na faɗa, amma ke zan fara gaya wa cewa zan faɗa. Na kuma ce mata ba zan tambaye ta wa ya fi gaskiya ba tsakanin iyayenta, kuma ba ita za ta zaɓa ba. Sai da na faɗi wannan na ƙarshen kafaɗunta suka sauka.

Abin da ya fito ya canza komai. Ta ce tun bara da safe in ta tashi hannunta na fizgewa, kofin shayi ya suɓuce, buroshi ya faɗi, ana yi mata faɗa ana cewa rawar kai ce. Ta ce da ta fara shan ƙwayar fizgar ta ƙaru, ga jiri ga barci a aji. Shi ya sa tun kafin ta je gidan Abba ta fara ɓoye wasu a ƙarƙashin katifa, tana sha yau ta tsallake gobe. Ta ce, "Don Allah kar ku gaya wa Umma, za ta ce na bi bayan Abba." Duk faɗuwar nan kuma da sassafe ne, biyu daga ciki bayan ta kwana tana karatun jarrabawa.

Duk wanda ya saba da farfaɗiya ya ji fizgar hannu da safe a ɗan shekara 12 zuwa 18, ga babbar faɗuwa bayan rashin barci, zai yi zargin wani nau'in farfaɗiya na masu tasowa mai fizga. Kuma sanannen abu ne kabamazafin na iya tsananta fizgar a wannan nau'in. Wato uban da ya ce maganin nan bai karɓe ta ba, bai yi ƙarya ba, ko da yake yadda ya yanke shi rana ɗaya haɗari ne babba, yanke maganin farfaɗiya kwatsam na iya jawo doguwar faɗuwa irin wadda ta yi. Ba uwar ba uban ba wanda ya san da fizgar nan a matsayin ciwo. Da mun karɓi sa hannun uwa mun sake rubuta ƙwayar jiya, da mun ƙara mata abin da ke ƙara mata ciwo da cikakken izini a fayil.

Ɓoye ƙwayar fa, sirri ne ko dole a faɗa? Na ga dole iyaye su sani, don duk wani magani na gaba ya dogara da a san ana sha ko ba a sha. Na gaya mata haka kai tsaye, ban tambaye ta ko ta yarda ba tunda ba zan fasa ba. Abin da na bar mata shi ne yadda za a faɗa: ita za ta faɗa ko ni, a gabanta ko ba ta nan. Ta zaɓi ni in faɗa tana zaune, kuma in fara da cewa maganin ne bai dace da ita ba. Haka aka yi.

Gwajin ƙwaƙwalwar kuma ta ce ba ta so sam. Na tambayi dalili. Ashe wata a makaranta ta gaya mata wutar lantarki ake jona wa mutum a ka. Sannan an ce sai ta tsefe kitso ta wanke kai ba mai, ta cire ɗankwali, kuma mai yin gwajin namiji ne. Wannan ƙin nata yana da inda zai yi aiki, don gwajin ba na yau-yau ba ne, kuma ko an danne ta ba zai yi kyau ba, yaro mai motsi da kuka layukan duk hargitsewa suke. Muka kai ta ɗakin ta ga na'urar, ta riƙe wayoyin a hannunta, 'yan ƙananan faifai kusan ashirin da ake mannawa a fatar kai, aka nuna mata ɗauka suke ba sa bayarwa. Aka gaya mata zai ɗauki kamar rabin awa, za a sa ta yi numfashi da ƙarfi na minti uku, za a haska mata fitila mai walƙiya, kuma wannan fitilar na iya tayar da fizgar, shi ya sa ake yi a inda akwai ma'aikata. Ban ɓoye mata wannan ba. Aka sa ranar da ma'aikaciya mace ke aiki. Ta ce to, amma sai bayan bikin 'yar'uwarta ranar Asabar don kar a tsefe mata kitson biki. Muka bar shi Litinin.

Uban na kira shi da kaina a ranar. Ban fara da magani ba, na ce Alhaji an kawo 'yarka, ka fi kowa sanin abin da ka gani lokacin hutu, ina so in ji daga bakinka. Ya zo washegari shi da ƙaninsa, na gan su daban ba tare da uwar ba, don haɗa su a ɗaki ɗaya a wannan matakin faɗan aure za a tayar ba maganar yarinya ba. Da ya zauna sai ga shi ƙin nasa kashi uku ne, ban da maganar aljanu, wadda ita ce mafi ƙanƙanta. Na farko an yi abu a bayan idonsa. Na biyu ya ga yarinya ta zama kamar mai maye. Na uku, wanda ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, "Likita, 'ya mace ce. In aka rubuta farfaɗiya a takarda wa zai aure ta?"

Na gaya masa abin da ya gani na maye gaskiya ne, kuma ina zargin ƙwayar ba ta dace ba. Na gaya masa kuma yanke ta da ya yi ya kusa jawo babbar matsala, ban sassauta wannan ba. Ruƙiya na ce ba ruwana da hana ta, a ci gaba, sharaɗina kawai kar a yi mata turaren da zai shaƙe ta, kar a doke ta, kar a hana ta barci da sunan addu'ar dare, kuma in ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kar a cusa mata cokali a baki, a duba agogo. Sannan na nemi abu ɗaya tak: izinin gwaji. Na ce sa hannun nan bai ba ni damar ba ta ko ƙwaya ɗaya ba, in sakamako ya fito zan kira ku ku biyu a rana ɗaya, ba wanda zai riga wani ji. Ya karanta fom ɗin, ƙanin ya karanta, ya sa hannu.

Na kuma gaya masa inda iyakar take, don bai kamata ya ji ta daga baya ba. In gwaji ya tabbatar, yarinya na ci gaba da faɗuwa, shi kuma ya dage ba magani, ba zan yi shiru ba, zan kai wa jami'an jin daɗin jama'a na asibiti, daga nan kotu. Babba mai hankali yana da ikon ƙin magani wa kansa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Okonkwo a 2001. Amma a kan yaro hukuncin daban ne. A shari'ar Esabunor da Faweya, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2019, uwa ce mabiyar Shaidun Jehobah ta ƙi a ƙara wa jaririnta jini a Legas, aka samo umarnin majistare aka ƙara, kotun ta ce daidai aka yi, ran yaro ya fi ƙarfin aƙidar iyaye. Lamarinmu bai kai wannan tsananin ba, kuma ban so ya je kotu ba, don umarnin alƙali ba ya bin yarinya cikin gidan uba ya ba ta ƙwaya safe da yamma.

Gwajin ya nuna abin da muke zargi. Sai aka zo kan magani, inda aka sake samun wata matsalar izini da ba wanda ya zata. Maganin da ya fi aiki a wannan nau'in shi ne balfurowet, amma ga mace da za ta iya ɗaukar ciki yana da haɗari sosai, kusan ɗaya cikin goma na jariran da aka yi cikinsu ana shansa suna zuwa da nakasa, kuma kaso mafi yawa daga haka suna samun matsalar koyo da girma. A inda yarinya ke iya yin aure nan da 'yan shekaru, ga shi ciwon yawanci na dogon lokaci ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗayan zaɓin lebetirasitam ne, ya fi sauƙi ta fuskar ciki, amma ya fi tsada kuma yana sa wasu yaran saurin fushi. Na zayyana musu duka biyun, ita ma na gaya mata daidai fahimtarta, a gaban nas, don jikinta ne kuma haihuwarta ce ake magana. A nan karon farko uwa da uba suka faɗi abu ɗaya, ba sa son na farkon.

Uban ya yarda da lebetirasitam na wata uku a gani, da sharaɗin shi zai riƙa saye don ya san me ake ba ta. Uwar ta so ta ƙi, tana tsoron ya daina saye ya ce babu kuɗi, sai aka tsaya a kan zai kawo na wata guda gaba, nas ta rubuta ranar. An fara da ƙaramin awo ana ƙarawa a hankali. Ita yarinyar na gaya mata shan maganin ba zaɓinta ba ne yanzu, manya sun yanke kuma ni ma ina ganin daidai ne, amma in ta ji wani abu ya canza a jikinta ta faɗa, za a saurara, kar ta koma ƙarƙashin katifa. Aka ba ta ɗan littafi tana rubuta ranar da hannu ya fizga. A fayil na rubuta komai daban-daban: wa ya ba da izinin me, a wace rana, me uban ya ƙi da farko da dalilinsa, me aka gaya wa yarinya, me ta ce da bakinta, da abin da ta ƙi aka jinkirta.

Da suka dawo bayan wata uku ba ta faɗi ba, fizgar safe ta ragu sosai, uwar na ƙorafin ta zama mai tsiwa, wanda zai iya zama maganin zai iya zama shekaru 13 ne kawai. Abin da ba a warware ba shi ne makaranta. Yarinyar na so a gaya wa malamar ajinsu, don tana tsoron ta faɗi a taron safe a taru a kanta ana tofa mata addu'a ba wanda ya san ya juya ta ta gefe. Uwar ta goyi bayanta. Uban ya ce sam, magana in ta shiga makaranta ta shiga gari. Ni ina ganin yarinyar ce da gaskiya kuma na gaya masa, amma ban rubuta wa makaranta a bayan idonsa ba. Mun tsaya a kan zai yi tunani a kan a gaya wa mutum ɗaya, shugabar makarantar, baki da baki ba takarda. Azumi kuma na tafe, ga tashin sahur ga rashin barci ga lokacin shan ƙwaya da zai canza, don haka na sa musu ranar dawowa sati biyu kafin a ga wata, su ukun duka.